Afdet ɗin giga 18 ya ƙi shiga alhali ina da giga 45, wane gem zan cire?

Tambaya: Salamu alaikum Yaya, daga Makka nake, Shari'a Mansur. Laftof ɗina SSD 512 ne, a Steam ina da Call of Duty (giga 160), Red Dead Redemption 2 (giga 120) da FC (giga 50). Saura min giga 45, afdet ɗin Call of Duty giga 18 ne kacal amma sai ya rubuta min Not enough free disk space. Ina da hardis na waje mai tera 1, intanet ɗinmu kuma rauta ce mai baƙa, yani ƙunshin data da ake saya, tana ƙarewa. Wanne zan goge, wanne zan mayar hardis ɗin?

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai kada ka goge ko ɗaya a daren nan, ka bari ka gama karantawa tukuna, don da lissafin da ka turo ba sai ka rasa gem ko ɗaya ba kuma ba sai ka ƙona baƙarku ba. Ni aikina kenan a mahal a nan Jidda, gyaran kwamfuta da haɗa ta ƴan gem, kuma irin wannan mushkilar kusan kowane sati sai wani yaro ya shigo da ita riƙe da laftof yana cewa Steam ya haukace.

Steam bai haukace ba. Giga 18 ɗin da kake gani nauyin abin da zai sauko ta intanet ne kawai, ba shi ne filin da aikin yake buƙata ba. Manyan gem ɗin nan ba sa ajiye kayansu a ƙananan fayil-fayil dubu ɗari, ɗaure su suke yi cikin manyan ƙunshi, fayil ɗaya ka ga ya kai giga 10 ko 20 ko ma fiye, hotuna da sauti da taswira duk a ciki. To idan masu gem ɗin suka canza ɗan abu a tsakiyar ƙunshin nan, Steam ɗan abin da ya canza ɗin kawai zai sauko maka da shi, amma ba zai huda tsohon fayil ya cusa shi ba. Sabon fayil yake ginawa a gefe, ya kwafo duk abin da bai canza ba daga tsohon, ya haɗa da sabon da ya sauko, sai ya gama ya tabbatar lafiya lau yake sannan ya cire tsohon ya sa sabon a gurbinsa. Dalilin yin haka mai kyau ne, in wuta ta ɗauke ko laftof ya mutu a tsakiyar aiki gem ɗinka na nan bai lalace ba. Amma fa a tsakanin nan tsoho da sabo duk suna zaune a kan diski lokaci guda. Kamar tela ne da zai canza maka aljihun thobe amma ya ce sai ya ɗinka sabuwar gaba ɗaya kafin ya yarda ya warware tsohuwar, dole tebur ya ɗauki riga biyu. Idan afdet ɗin ya taɓa ƙunshi biyar kowanne mai giga 15, filin giga 75 kenan ake nema na wucin gadi ban da abin da ake saukewa, kai kuma 45 gare ka. Shi ya sa ya tsaya. In ya gama zai dawo maka da mafi yawan filin, ƙila ka ga gem ɗin giga 3 ko 4 kawai ya ƙaru.

Wurin da yake wannan ginin kana iya ganinsa da idonka, in ba ka canza wurin da Steam yake ba:

```
C:\Program Files (x86)\Steam\steamapps\downloading
```

Kuma wannan ne dalilin wani abu da yake rikita mutane, ka buɗe shafin Downloads ka ga saukewa ta koma sifili amma aikin bai ƙare ba, ya yi minti ashirin kamar ya maƙale. Duba layin da ke nuna aikin diski a wannan shafin, ko ka buɗe Task Manager ka shiga Performance ka kalli Disk, in yana sama to gini ake yi, rauta ba ta da laifi, kada ka kashe ta kada kuma ka danna Clear Download Cache don haushi, in ka share abin da ya riga ya sauko to za ka sake biyan giga 18 ɗin daga baƙa.

Yanzu mu zo kan lissafinka, don akwai abin da na hango a ciki. SSD ɗin da aka rubuta 512 a kwalinsa Windows giga 476 yake nuna shi, ba cuta ba ce, masu ƙerawa da dubu suke ƙirga shi kuma Windows da 1024 yake ƙirgawa, haka shi ma hardis ɗinka na tera 1 za ka ga 931. To 476 cire 45 ɗin da ya rage, 431 ke cike. Gem ukun naka 160 da 120 da 50 sun tashi 330. Saura 101. Windows da ƴan manhajojin yau da kullum a laftof irin naka yawanci tsakanin 50 zuwa 60 nake ganinsu, yani akwai wajen giga 40 da ba ka san mai cinsa ba, kuma kafin a taɓa gem wannan ya kamata a fara nema.

Ka sauke WizTree, ƙarami ne kuma kyauta ne ga mai amfanin kansa, ka zaɓi C: ka danna Scan, cikin ƴan daƙiƙu zai jero maka komai daga babba zuwa ƙarami. Abin da na fi kamawa a laftof ɗin ƴan gem shi ne bidiyo. Yaro ya kunna ɗaukar wasa don ya kama kisa ɗaya mai kyau ya tura wa abokai, ya manta bai kashe ba, wata shida tana tara masa a folda Videos, akwai wanda na buɗe wa na tarar da giga 60 na bidiyon da shi kansa bai taɓa kallo ba, har da wanda ba komai a ciki sai allon jira. Waɗannan kwashe su hardis, bidiyo ba ruwansa da saurin diski. Bayan nan sai folda Downloads, sai kuma ka shiga Settings, System, Storage, Temporary files, nan za ka ga Windows Update Cleanup da Delivery Optimization Files da Previous Windows installation(s) in kwanan nan Windows ya yi babban afdet, duk ana iya sharewa. Amma ka kula sosai, a cikin jerin nan akwai akwatin Downloads, in ka sa masa alama duk abin da ke cikin foldar zai tafi, har takardun makaranta da hoton iƙama in can ka ajiye su. Karanta kowane layi kafin ka danna Remove files.

Za ka ga wani fayil mai suna hiberfil.sys, in RAM ɗinka 16 ne zai kai wajen giga 6. Mutane suna son kashe shi da wannan umarnin, a Command Prompt da aka buɗe ta Run as administrator:

```
powercfg /h off
```

Yana aiki, amma ni a laftof ban cika ba da shawararsa ba, saboda shi ne yake adana maka abin da kake yi in batir ya kusa mutuwa. Giga 6 bai kai ba. A kwamfutar tebur ba damuwa. Shi kuma pagefile.sys kada ka taɓa shi sam, gem masu nauyi suna jingina da shi, in ka kashe shi sai ka ga gem yana rufe kansa ba dalili.

Tayyib, ko ka samo giga 30 daga sharan nan ka koma 75, ƙila afdet ɗin yau ya shiga, amma na wata mai zuwa zai sake tsayawa. Dole gem ɗaya ya tashi daga SSD. Kuma ni tambaya biyu nake yi wa kowane gem, ba girmansa nake fara kallo ba. Ta farko, sau nawa ake masa faci, yani afdet? Ta biyu, an gina shi ne don ya iya tafiya a kan hardis mai juyawa ko sai SSD?

Red Dead Redemption 2 ya fito a PS4 da Xbox One a 2018, ya zo kwamfuta a ƙarshen 2019, kuma waɗancan na'urorin hardis mai juyawa ne a cikinsu, don haka tun asali an tsara shi ya jure jinkirin diski. In ka mayar da shi hardis abin da za ka ji shi ne buɗewar farko za ta daɗe, ka je ka haɗa shayi ka dawo, wani lokaci kuma in kana sukuwa da doki ka shiga gari ka ga wani gini ya ɗan makara kafin ya fito sosai, amma wasan zai tafi. Sannan yanzu ba a cika yi masa afdet ba, yani ba ya buƙatar filin gini a gefensa. Shi ne ya cika sharuɗɗa biyun, shi zai tafi.

Call of Duty kuwa akasin haka ne ta kowace fuska. Kowace kakar wasa, yani season, da afdet babba, tsakanin kakar ma da ƙanana, kuma ba ka da zaɓin ƙi, in ba ka yi ba ba za ka shiga wasa da mutane ba. Ka tuna ginin da na faɗa maka, karanta tsoho da rubuta sabo a lokaci guda, to a kan hardis allura ɗaya ce take kai da kawowa tsakanin wuraren biyu, aikin da SSD zai gama cikin minti goma sai ya cinye maka awa ɗaya ko biyu, abokanka suna ciki kai kana kallon layi yana rarrafe. Su ma masu gem ɗin SSD suke rubutawa a sharuɗɗansu, Call of Duty: Modern Warfare III da ya fito a 2023 SSD mai filin giga 149 suka nema. Ba su kaɗai ba ne, Starfield shi ma a 2023 SSD ya wajabta, Cyberpunk 2077 ma da afdet ɗinsa na 2.0 ya mayar da SSD cikin mafi ƙarancin abin da ake buƙata. Duk gem ɗin da ka ga an rubuta haka a shafinsa na Steam ƙarƙashin System Requirements, hardis wurin ajiya ne kawai gare shi, ba wurin wasa ba. FC ɗinka giga 50 ne, kana buga shi kusan kullum in dai irin yaran da na sani ne kai, kuma shi ma ana masa faci akai-akai, bar shi inda yake.

Me ya sa na ce a mayar ba a goge ba? Saboda baƙa. Bari mu ɗauka rautarku tana ba da megabit 40, wannan megabayit 5 ne a daƙiƙa, don ana raba wa takwas. Giga 120 a wannan saurin awa shida da minti arba'in ne in ba wanda ya taɓa intanet ɗin a gidan, abin da ba zai yiwu ba, ga Hajiya tana kira Kano ta bidiyo ga ƙanne suna kallo. Kuma giga 120 ɗin daga baƙar gida za a cire. Hardis na waje kuwa yana rubuta wajen megabayit 100 a daƙiƙa, giga 120 minti ashirin kenan a lissafi, a zahiri ka sa rabin awa zuwa minti arba'in don ƙananan hardis ɗin nan suna rage gudu in rubutu ya yi tsawo, kuma ko kilobayit ɗaya na data ba za ka kashe ba. Da a ce faiba gare ku mara iyaka mai megabit 300, da sai in ce maka in ka gama labarin gem ɗin goge shi kawai, ƙasa da awa ɗaya zai dawo duk ranar da ka so. Amma mai rauta mai ƙarewa, gem ɗin da ya riga ya sauko kuɗi ne a hannu, ba a zubar da shi. Abin da nake yarda a goge shi ne wanda ka san a ranka ba za ka sake buɗewa ba, ko ƙaramin da bai wuce giga 5 zuwa 10 ba. Kuma gogewa ba ta cire shi daga asusunka, abin da ka saya yana nan a Library.

Yanzu yadda za ka mayar ɗin, kuma a nan ne mutane suka fi yin ɓarna.

Fara duba hardis ɗin kansa. Buɗe This PC, danna-dama a kansa, Properties, ka kalli File system. NTFS nake so ka gani. In FAT32 ne ba zai karɓi fayil da ya wuce giga 4 ba, gem ɗin nan kuwa cike yake da irinsu. In exFAT ne, da yawa haka suke zuwa daga kanti don su yi aiki a Mac ma, zai karɓa, amma ya fi saurin rikicewa in waya ta zare ana tsakiyar rubutu, ni ban sa laburaren gem a kai. Canza exFAT zuwa NTFS sai da Format, shi kuma Format yana share komai, don haka in akwai hotunan biki ko na Umarar iyaye a ciki sai ka kwashe su wani wuri tukuna. Sannan ka soka shi a ramin USB 3, wanda yawanci cikinsa shuɗi ne ko an rubuta SS a gefensa, kai tsaye a jikin laftof ba ta cikin ɗan rarraba-rami mai arha ba. In ka ga kwafi yana tafiya a megabayit 30 zuwa 40 bai wuce nan ba to ka faɗa USB 2 ne, ko ramin ko wayar, canza.

Abu na gaba da kusan kowa yake tsallakewa, harafin diski. Yau Windows ya ba hardis ɗin D:, gobe ka soka filasha kafin shi sai ita ta karɓe D: shi ya koma E:, Steam ya duba D: bai ga komai ba sai ya nuna maka Install kamar gem ɗin bai taɓa zama a kwamfutar ba. Na ga wanda ya danna Install ɗin nan cikin firgici ya kwana yana sauke abin da ke gefensa a kan tebur. Maganin minti ɗaya ne, danna-dama a maɓallin Start, Disk Management, danna-dama a hardis ɗin, Change Drive Letter and Paths, ka ba shi harafi na can nesa kamar S: wanda wata filasha ba za ta taɓa kaiwa ba. Yi wannan kafin ka nuna wa Steam shi.

Sai ka buɗe Steam, Settings, Storage. A sama za ka ga diskin C:, danna shi ka zaɓi Add Drive, ka nuna S:. Zai ƙirƙiri folda SteamLibrary a can. Dawo kan C: a wannan shafin, sa alama a Red Dead Redemption 2, danna Move, zaɓi S:. Shi kenan. Laftof na kan caja, ajiye a kan tebur ba kan katifa ba, kada a motsa hardis ɗin yana juyawa, kada ka rufe murfin laftof ya yi barci. In ya gama, danna-dama a gem ɗin, Properties, Installed Files, Verify integrity of game files. Zai ɗauki lokaci a hardis, ka bar shi, wannan ne zai tabbatar kowane fayil ya iso lafiya, in ɗaya ya lalace shi kaɗai zai sake saukowa.

Kada ka ja foldar da hannu daga steamapps\common ka jefa hardis kana zaton ka gama. Steam ba da foldar kaɗai yake gane gem ba, akwai ɗan ƙaramin fayil a cikin steamapps mai suna kamar haka, kowane gem da lambarsa:

```
appmanifest_730.acf
```

Wannan na Counter-Strike 2 ne misali. Shi ne takardar shaidar gem ɗin, ya ƙunshi sunan foldarsa da sigar da ke kwamfutar. Move yana tafiya da su biyun tare, jan hannu kuwa yana barin takardar a baya. Wani yaro ɗan Karantina ya zo min da yamma bayan La'asar da jakar makaranta a baya, ya ja foldar gem mai fiye da giga ɗari da hannu, Steam ya ƙi buɗewa, ya danna Uninstall don ya gyara, ya zo yana tambaya ko nawa ne baƙa mafi girma don ya sake saukewa, idonsa ya yi ja. Ba mu sauke komai ba. Mun ƙara hardis ɗin a Storage, muka sa foldar tasa da sunanta na asali cikin SteamLibrary\steamapps\common, muka danna Install muka zaɓi wannan diskin, Steam ya fara duba abin da ya tarar, muka zauna yana ta kallon allon bai ko taɓa ruwan da na ba shi ba, can sai ya sauke ɗan abin da ya rage kawai maɓallin ya koma Play. In kai ma ka taɓa yin irin wannan to hanyar ceto kenan, sharaɗin dai sunan foldar bai canza ba kuma a diskin da take ka zaɓi Install.

Maganar sebin, wato inda ka tsaya a labari. Move ba ya taɓa shi, don yawancin gem ba a cikin foldarsu suke ajiye shi ba. Na Red Dead yana nan:

```
Documents\Rockstar Games\Red Dead Redemption 2\Profiles
```

Duk da haka kafin ka fara kwafi wannan foldar zuwa filasha ko ka tura wa kanka, ƙarama ce ƙwarai. Gem na iya sake saukowa, awa tamanin na wasa ba ya saukowa daga ko'ina in sebin ɗin da ke intanet bai yi daidai ba. Call of Duty da FC na wasa da mutane ci gabanka a asusunka yake. Wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne tsohon gem ko wanda ka sa wa mod, wasu cikin foldar gem ɗin suke ajiye komai, ka duba kafin Uninstall.

Bayan wannan lissafinka ya zama 45 da 120, giga 165, in ka haɗa da sharar da ka kwashe ka haura 190. Afdet ɗin zai wuce ba gardama, koma Downloads ka danna ya ci gaba, in ya ƙi ka rufe Steam gaba ɗaya ka sake buɗewa don ya sake auna filin. Amma ga inda nake roƙonka, kada ka ga 190 ka ce bari in saka sabon gem mai 130. Wannan filin ba banza yake zaune ba, wurin aikin Call of Duty ne. Ƙa'idar da ni nake bi wa kwastomomina, ba doka ba ce daga wani kamfani, abin da na ga yana aiki ne, ka bar fili da ya kai aƙalla rabin girman babban gem ɗin da ake yawan yi wa faci, kai 80 kenan, in ka bar 100 ka huta. SSD ma kansa in ya cika maƙil rubutunsa yana raguwa, musamman masu arha da ake sakawa a laftof, don haka filin yana maka aiki biyu.

Sannan shi Call of Duty ɗin ma ana iya rage masa ƙiba, kuma giga 160 ɗin nan ina kyautata zaton akwai abin da ba ka bugawa a ciki. Gem ɗin kashi-kashi ne, labari daban, wasa da mutane daban, Zombies daban, Warzone daban. A cikin gem ɗin akwai Manage Files, a Steam kuma Properties sannan DLC, duk abin da ka cire wa alama zai fita. In ka gama labarin tun bara me yake yi a SSD? Ribar ba filin kaɗai ba ce, abin da babu shi a kwamfuta ba a masa faci, yani afdet na gaba zai fi sauƙi a baƙa kuma ginin zai ragu. Sai dai ka yi tunani kafin ka cire, wannan ba kamar Move ba ne, in ka so shi daga baya sai ka sake saukewa. Masu Fortnite ma haka, a Epic in ka shiga Options na gem ɗin akwai High Resolution Textures, a allon laftof mai 1080 da wuya idonka ya ga bambanci. Masu GTA V kuma su duba, tun Maris 2025 da Enhanced ya fito a kwamfuta ya zama gem biyu daban a Library, Legacy da Enhanced, na sha tarar da duka biyun a diski ɗaya mai shi ɗaya kawai yake buɗewa.

Shi Red Dead da ya koma hardis, shiga Properties, Updates, ka mayar da shi kan sai ka buɗe shi zai yi afdet, a Steam na yanzu Wait until I launch the game aka rubuta. Haka ba zai tashi yana rubutu a hardis ba ka sani ba ka zo ka zare waya. Kuma ka saba da tsari ɗaya, soka hardis kafin ka buɗe Steam, in za ka cire ka fita daga Steam gaba ɗaya ta Exit sannan Eject. In wata rana ka buɗe Steam hardis ba ya jiki ka ga gem ɗin ya koma Install, kada ka danna, fita ka soka ka dawo.

Tunda baƙa ce damuwarku, in kana da ɗan'uwa ko abokin da yake da gem iri ɗaya a Steam, tun 2023 akwai Game File Transfer over Local Network a Settings, Downloads. Ku hau rauta ɗaya, ku duka ku buɗe shi ga abokai, in ka danna Install daga kwamfutarsa fayil ɗin za su taho ba daga intanet ba. Dole dai kai ma ka mallaki gem ɗin a asusunka, kuma nasa ya zama ya gama afdet. In kun haɗa da wayar rauta maimakon wayfay ya fi sauri nesa ba kusa ba.

In Allah ya hore ka tara ƴan riyal, abin da zan so ka yi shi ne ka kai laftof ɗin a buɗe bayansa a duba ko akwai ramin M.2 na biyu, yani wurin saka wani SSD, laftof ɗin gem da yawa suna da shi a buɗe ba komai a ciki, a sa maka SSD irin NVMe mai tera 1, ka ƙara shi a Storage kamar yadda ka ƙara hardis, daga nan Call of Duty ya koma can shi kaɗai da filinsa. In babu ramin, SSD na waje a USB 3 yana ba da wajen megabayit 400 a daƙiƙa, ya ninka hardis sau huɗu kuma ba allurar da za ta wahala, sai dai yana zafi, a zafin Makka kada ka bar shi a mota ko a bakin iskar da laftof ke fitarwa. Amma don Allah ka guji waɗanda ake tallawa tera 2 ko tera 4 a kuɗin cin abincin rana, ba suna a jiki, an kawo min su fiye da sau goma, in ka fasa kwanson ƙaramin katin memori ne a ciki an shirya shi ya yi wa Windows ƙaryar girma, yana karɓar fayil yana rubutawa a kan na baya, sai ka zo Verify ka ga komai ya lalace. Duk wanda ka saya, kafin ka ɗora masa gem ka gwada shi da H2testw, zai cika shi ya karanta ya faɗa maka gaskiyar girmansa, in bai kai ba ka mayar wa mai shi da fatura a hannu.

In ka yi WizTree ɗin turo min hoton allon, layi goma na sama kawai, in ga mai cin giga arba'in ɗin nan kafin ka share wani abu da ba ka gane sunansa ba.